Gishiri, Mai ko Fulawa: Wanne Ya Cancanci a Sayi Mai Tambari?

Ƙanwata da ke aure a Daura ta zo Katsina kwanakin baya da ciki wata huɗu, muka shiga Babbar Kasuwa yin cefanen wata tare da Goggo. A gaban mai kayan masarufi aka tsaya ana ja-in-ja. Ita tana so komai ta ɗauki na leda ko na gora mai tambari, domin a wurin awo an ce musu su riƙa cin abincin da aka ƙara wa sinadarai. Goggo kuwa ta ce gishiri dai gishiri ne, mai kuma mai ne, kuɗin leda kawai za a biya. Kuɗin da mijin ya bayar ba zai ɗauki komai mai tambari ba, sai ta juyo ta ce, "Yaya, ke da kika san waɗannan abubuwa, wanne zan ɗauka, wanne zan bari?"

Amsar da na ba ta a tsaye gajera ce: gishiri ba a sasantawa a kansa, mai ya danganta da irin miyar gidanku, fulawa kuwa ba ta kai a tayar da hankali ba. Dalilan ne ke da tsawo.

Abin da ake ƙara wa gishiri shi ne aidin. Tun 1993 Najeriya ta wajabta sa shi a gishirin da mutane ke ci, kuma nau'in da ake amfani da shi ana rubuta shi KIO3, wanda ya fi jure zafi da laima irin na ƙasashenmu. Akwai wata 'yar halitta a gaban wuya, ƙasa da maƙogwaro, da ke amfani da aidin ta haɗa sinadarin da ke tafiyar da girman jiki da na ƙwaƙwalwa. Idan aidin ya yi ƙaranci sai ta yi ta kumbura don ta kamo ɗan abin da ke yawo a jini, wannan kumburin shi ne maƙoƙo. Sai dai maƙoƙo ɓarnar da ido ke gani ce kawai. Wadda ta fi tsanani a cikin mahaifa take faruwa, domin ƙwaƙwalwar jariri na ginuwa ne da abin da uwa ta samu, kuma abin da aka rasa a wannan lokaci ba ya ramuwa bayan haihuwa. Ƙarancin da ya yi tsanani yana kawo ɓari, ko a haifi yaro da tawayar ji da magana da fahimta.

Dalilin da ya sa na fi matsa wa gishiri shi ne ba mu da wata hanya mai sauƙi ta samun aidin. A teku ya fi yawa, cikin kifinta da tsirranta, mu kuwa ga inda muke. Abin da gero da dawa da wake suka ƙunsa ya danganta da ƙasar da aka shuka su, ba kuma za ka gane da ido ba. Ga wani abu da bai kamata Bakatsine ko Badauri ya jahilta ba: gero, abincinmu na fura da kunu da tuwo, yana ɗauke da wasu sinadarai da ke rage wa waccan halitta ta wuya ƙarfin amfani da aidin. Rogon da ba a jiƙa ko sarrafa shi da kyau ba ma haka. Ga wanda ke samun isasshen aidin wannan ba abin damuwa ba ne, kada wani ya je ya ce na hana shan fura. Amma gidan da gero ne abincinsa safe da yamma, gishirinsa kuma babu aidin, matsala biyu ta haɗu masa.

A kasuwanninmu gishiri iri uku za ka tarar. Akwai na ƙaramar leda da aka liƙe daga kamfani. Akwai na buhu da ake aunawa a gwangwani ko a ƙulla a farar leda. Sannan akwai na gargajiya da ke gangarowa daga Nijar, irin su kantu da beza na Bilma, da manda, waɗanda ba su yi wa mai cin kasuwar Mai'aduwa ko Jibiya wuyar samu. Na gargajiyan nan yana da tarihinsa, ayarin raƙuma sun yi ɗaruruwan shekaru suna kawo shi, kuma dabbobi na son lasar kantu. Amma yadda ake haƙo shi a daskarar haka yake zuwa, ba wanda ya bi shi da aidin. Idan Goggo na son ɗan mandanta a wata miya don ɗanɗano, ba laifi, muddin ba shi ne gishirin tukunyar kullum ba.

Na buhu ne ke da rikitarwa. Mai yiwuwa da aidin ɗinsa ya baro kamfani, to amma ina ya kwana tun daga nan? Karin maganar nan ta ce gishiri na yi wa man kaɗe dariyar rana, ran da ruwa ya zo gishiri ya ji kunya. Laima ce babbar abokiyar gabarsa. Buhun da aka buɗe aka bari a ƙasa cikin damina yana jan danshi, aidin ya narke ya gangara ƙasan buhu ko ya bi iska, musamman in gishirin mai datti ne. Wani kuma tun asali ba na ci ba ne, na jima ne ko na dabbobi aka karkato da shi. Babu ɗanɗano ko launi da zai nuna maka. Ma'aikatan lafiya suna da wani ruwan gwaji a 'yar kwalba, in aka ɗiga a gishiri mai aidin sai ya koma shuɗi ko shunayya. Shi ma samuwar kawai yake nunawa, ba ya auna yawan daidai.

A jikin leda, ga abin da za ka duba. Lambar rajistar NAFDAC, ranar da aka yi shi da ranar da zai daina aiki, da wata kalmar Turanci mai farawa da haruffan IOD. Da yawa suna ɗauke da tambarin taswirar Najeriya koriya mai hoton mutum uku a ciki. Za ka kuma ga lamba tare da haruffan ppm ko mg/kg, ma'anarsu ɗaya: miligiram nawa na aidin ke cikin kilo ɗaya na gishiri. Ƙa'idar Najeriya ita ce 50 a kamfani, 30 a hannun mai sayarwa. An sa na kamfani ya fi yawa ne don an san zai ragu a hanya. Idan ya iso gida ƙasa da 15, ba a lissafa shi cikin mai isasshen aidin.

Mu ɗauki gidan ƙanwata mu yi lissafi. Su takwas ne ke cin tukunya ɗaya, ledar giram 500 kuma tana yi musu kamar mako biyu. Ke nan giram 36 a rana, kowa ya tashi da kusan giram huɗu da rabi. Idan gishirin na da 30, kowane giram na ɗauke da maikirogiram 30 na aidin, maikirogiram kuwa kashi ɗaya ne cikin dubu na miligiram, ka ga mutum ya samu 135 a rana. Girki na cinye kamar kashi ɗaya cikin biyar, saura 108 ko kusa da haka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba na bukatar 150 a rana, yaro ƙasa da shekara biyar 90, mai ciki da mai shayarwa 250. Ka ga da gishiri mai kyau babba ya samu fiye da kashi biyu cikin uku daga tukunya kaɗai, sauran ya cike daga nono, ƙwai, kifi da burodi. Idan na buhu ne da ya sauko 15, abin da zai shiga jiki bai wuce 54 ba. Idan kantu ne, kusan babu.

Da ta ji 250 sai ta ce to bari ta ƙara hannu a gishiri. Na ce a'a, nan ne mutane ke kuskure. Babba bai kamata ya kai giram biyar na gishiri a yini ba, wajen ƙaramin cokalin shayi ɗaya, har da wanda ke cikin dunƙule da burodi da yaji, ga shi hawan jini ba abin wasa ba ne ga mai ciki. Abin nema shi ne ɗan gishirin da ake ci ya zama mai aidin, giɓin da ya rage kuma ta yi maganarsa da malamar awo. Haka wanda maƙoƙonsa ya riga ya fito, asibiti zai je, domin ba kowane maƙoƙo ne na ƙarancin aidin ba, wani ma yawan aikin halittar ne, kuma babban da ya daɗe ba ya bajewa don an canja gishiri. Ruwan aidin ɗin da ake shafa wa ciwo kuwa, kada a kuskura a ɗiga shi a abinci.

Ajiya ba ta da wuya. A juye shi a roba ko kwalba mai murfi, a ɗiba da busasshen cokali, a nesanta shi da bakin murhu da randa. Ƙaramar leda da za ta ƙare cikin mako biyu ta fi babban buhu da zai shekara a ɗakin girki. Bambancin kuɗin na leda da na awo, idan aka raba shi a kan kwanakin da zai yi, shi ne mafi ƙanƙanta a duk cefanen, kuma shi ne ya fi biya.

Shi kuwa mai, rana ce ke ba shi kunya. Tun 2002 doka ta wajabta ƙara bitamin A a man girki na kamfani, da sukari, da fulawar alkama da garin masara na kamfani. Alamarsa ita ce hoton ido da harafin A a ciki. An zaɓi ido ne don farkon abin da ƙarancin wannan bitamin ke taɓawa shi ne gani: dundumi, inda yaro ko mai ciki ke lalube da zarar magariba ta yi. In ya yi tsanani idon na bushewa har ya kai ga makanta. Yana kuma raunana garkuwar jiki, shi ya sa ƙyanda da gudawa suka fi kayar da yaron da ba shi da isasshe.

Ƙa'idar mai ita ce 20,000 IU a kilo, IU ɗin nan wani ma'auni ne na yawan bitamin. Wani kamfani zai rubuta 2,000 IU a giram 100, wani ya rubuta maikirogiram 600 a giram 100. Duk abu ɗaya ne, kada ka ga ƙaramar lamba ka ɗauka an rage maka. Kullum ka duba a kan wane nauyi aka yi lissafin. Lita ɗaya ta mai ba ta cika kilo ba, tana wajen giram 910, don haka tana ɗauke da kamar maikirogiram 5,460. A gidan ƙanwata lita na yin mako guda. Raba wa mutum takwas a kwana bakwai, kowa ya samu ƙasa kaɗan da 100 a rana. Ƙaramin yaro na bukatar wajen 400, shi kuma ba ya cin mai kamar babba. Ke nan man kamfani taimako ne na gaske, amma bai ɗauke nauyin duka ba, ba kamar gishiri ba da kusan shi kaɗai ke riƙe da aidin.

A nan Goggo ta samu bakin magana, kuma tana da gaskiyarta. Man gyaɗar da matan unguwa ke matsewa wajen ƙuliƙuli ya fi ƙamshi, ka kuma san abin da ke ciki. Sai dai babu bitamin A a cikinsa, gyaɗa ba ta da shi. Manja kuwa akasin haka ne: jan nan nasa sinadari ne da jiki ke juyawa ya zama bitamin A, kuma yana da yawan da cokali ɗaya na manja mai kyau zai iya biya wa yaro bukatar yini, abin da man kamfani bai kusa yi ba. Sharaɗin shi ne kada a soya shi har ya yi hayaƙi ya koma fari, domin jan na tafiya amfanin ya tafi. A kuma saya wurin wanda aka yarda da shi, saboda akan samu masu zuba rini don ya ƙara ja. Bayan manja ga zogale, alayyafo, kabewa, karas, mangwaro, gwanda, ƙwai, man shanu, da hanta wadda ta fi su duka (mai ciki dai kada ta yawaita hanta, bitamin A ɗinta ya yi yawa ga ɗan tayi). Ganye da kabewa suna bukatar ɗan maiƙo kafin jiki ya tsotsi abin da ke cikinsu, ka ga kwaɗon zogale da ƙuli da ɗan man gyaɗa haɗi ne da ya dace.

Don haka tambayar da na yi wa ƙanwata ita ce: sau nawa manja ko miyar ganye ke shiga tukunyarku a mako? Idan miyar taushe da alayyafo da manja na zagayowa sau uku ko huɗu, ta ci gaba da man gyaɗarta hankali kwance. Idan kuwa gida ne na shinkafa da mai da yaji, taliya da mai da yaji, kuka da busasshiyar kuɓewa har damina ta faɗi, to man mai alamar ido ya cancanci ƙarin kuɗinsa, musamman a tsakiyar rani kafin mangwaro ya nuna.

Wanda ban ba ta shawarar saye ba shi ne na tsakiya: man da aka ɗura a tsofaffin gorunan ruwa aka jera a kan tebur rana na dukansa. Ko da daga jarkar kamfani mai bitamin ya fito, haske na lalata bitamin A cikin makonni, kuma launin man ba zai canja ya gaya maka ba. Ba ka da ƙamshin na gida, ba ka da tabbacin na kamfani. In dole sai na awo, a sa mai shago ya zuba daga jarkar asali da ke inuwa, a ga tambarinta da ido, a kawo gida a sa a kabad ko a lulluɓe gorar. Soya ƙosai ko awara a mai ɗaya sau uku sau huɗu ma na ƙarar da bitamin ɗin, don haka a ware na miya daban da na suya. Wani rubutu da ake yi da manyan baƙaƙe a jikin gora cewa man ba shi da kolestarol, kada ya sa ka ƙara ko sisi. Duk man da aka matso daga tsiro haka yake, har da na Goggo. Kuma duk man da aka zaɓa, ba ya maye gurbin ɗigon bitamin A da ake ba yara daga wata shida zuwa shekara biyar a asibiti, shuɗin ƙwanso ga 'yan ƙasa da shekara, ja ga waɗanda suka haura.

Fulawa ce ta fi dogon jerin sunaye a jikin buhu, ita ce kuma na sa a ƙarshe. Idan aka niƙa alkama aka cire dusa da ƙwayar tsiron don ta yi fari, yawancin sinadarin ƙarfe da bitamin B na tafiya da dusar. Wani ɓangare na abin da kamfani ke zubawa mayar da abin da injinsa ya cire ne: ƙarfe, B1, B2, B3. Sauran su ne bitamin A, da folik asid, B12 da zinki da aka shigar daga baya. Ƙarfe na gina jini, ƙarancinsa ke kawo kasala, jiri da farin ido. Folik asid kuma na taimaka wa lakar bayan ɗan tayi ta rufe, abin da ke kammala cikin kwana 28 na farkon ciki, tun mace ba ta tabbatar da batan wata ba. Hikimar sa shi a abincin kowa ke nan.

Abin da ya sa ban damu da ledarta ba shi ne, farar fulawa kusan duk daga manyan kamfanoni take fitowa. Wadda mai shago ke auna maka a tiya daga buhun kilo 50 ita ce dai ta cikin ƙaramar leda, kuma burodi da fanke da cincin da taliyar murji duk daga nan suke. Ka leƙa buhun ka ga alamar ido da kwanan wata, ka shinshina ko ta yi warin laima, ka duba ƙwari, shi ke nan. Ƙarfe da zinki ba sa gudu don an buɗe buhu.

Zaɓin da ya fi muhimmanci a nan shi ne tsakanin garin kamfani da na injin unguwa. Dokar ba ta kai ga dawa da gero da masarar da muke kaiwa niƙa ba, babu abin da aka ƙara musu. Wannan bai sa na ce a bar tuwon dawa a koma semo ba. Gero da dawa suna da ƙarfensu na asali, musamman in ba a yi musu surfe mai tsanani ba, kuma jiƙon da ake yi wa gero na koko da kamu yana rage wani sinadari da ke hana hanji tsotsar ƙarfen. Abin da ya fi canja lissafi shi ne abin da aka haɗa da shi. Shayi na tare ƙarfe, don haka mai burodi da shayi kowace safiya ba ya samun duk abin da aka rubuta a buhu. Lemun tsami, tumatir, gwaba da ɗan nama ko kifi a miya suna buɗe masa hanya. Ga mai ciki kuma, babu yawan fanken da zai kai ƙwayar ƙarin jini da ake bayarwa a awo, mai miligiram 30 zuwa 60 na ƙarfe da maikirogiram 400 na folik asid. Sukari ma na ɗauke da alamar ido, amma ba na jin akwai gidan da ke bukatar a ba shi dalilin ƙara sukari.

Ƙarshe ƙanwata ta ɗauki ledar gishiri biyu masu tambari, ta duba kwanan watansu. Ta sayi kwalbar manja, ta ce man gyaɗa za ta karɓa wurin maƙwabciyarta mai ƙuli a Daura, sai ƙaramar gorar man kamfani ɗaya da aka ciro mata daga cikin kwali, ba daga kan tebur ba. Fulawa tiya ɗaya aka auna mata daga buhu bayan ta sa yaron shago ya juyo mata gefen rubutun. Goggo ta ƙulla ɗan mandanta a gefen zane, ta ce wannan na miyar kukarta ne, kada wanda ya taɓa mata.